Zaɓen Gwanjo Daga Gida Yake Farawa

Batun da nake so mu tattauna a wannan fitowa batu ne da kusan kowannenmu yake yi, amma kaɗan ne suke yarda su faɗa a bainar jama'a, wato sayen gwanjo. Ni dai ba na jin kunyarsa. A Sabon Ikorodu da ke jihar Legas aka haife ni, kuma tun ina firamare da kayan gwanjo nake cika akwatina. Ra'ayina a taƙaice shi ne, yawancin kuɗin da muke asara a gwanjo ba mai kaya ne yake cutarmu ba, mu ne muke cutar kanmu, saboda muna shiga kasuwa ba mu san awon jikinmu ba, ba mu kuma san abin da ke cikin akwatinmu ba. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu kafin ya bar gida ya gama rabin cinikinsa.

Inda Kayan Suke

Ga wanda bai san Legas ba, bari in ɗan zagaya da shi. Mutanen kudu suna kiran gwanjo okirika, sunan da ya samo asali daga garin Okrika na jihar Ribas. Babbar kasuwarsa da mutanen Agege suka fi zuwa ita ce Katanguwa, da ke Abule Egba, kusa da tashar Sufa a kan hanyar Abekuta. Akwai kuma Aswani a Isolo, wadda take ci ranar Talata, ga kuma Yaba. Mu 'yan Ikorodu muna da masu baza kaya a kasuwar Sabo da kewayen Gareji, amma idan sayayyar mai yawa ce sai mu hau motar BRT zuwa Oshodi, daga nan mu sake hawa wata zuwa Abule Egba. Mutumin Kano ya ɗauka cewa Ƙofar Wambai nake ba shi labari, domin tsarin duk ɗaya ne.

Kayan suna zuwa ne a dila, an danne su an ɗaure, kuma yawancinsu ta Kwatano da Lome suke biyowa, domin tsofaffin tufafi suna cikin kayan da dokar kwastan ta Nijeriya ta hana shigowa da su. Wannan yana da ma'ana ga mai saye. Babu kamfanin da za ka kai wa ƙara, babu rasit, babu mayarwa. Abin da idonka da hannunka suka zaɓa shi ne rabonka. A Katanguwa an fi fasa sababbin diloli ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, da sassafe. Masu shaguna su suke fara tsince na sama, su kai shago su wanke su goge su ninka kuɗinsa. Abin da ya rage ya sauko kan tebur, na ƙarshe kuma a zube shi ƙasa ana kaɗa ƙararrawa ana kiran farashi ɗaya. A wannan tsibi na ƙarshe ne ɗalibi yake hallaka kuɗinsa.

Abin da Ya Same Ni

A hutun da ya gabaci shigarmu aji uku, an sanar da mu cewa kowa zai gabatar da takarda a gaban aji da malamai. Na ce ai kuwa sai na fito fes. Na ɗauki kuɗin da na tara daga taya yayana tsaron shago, na nufi Katanguwa. Na dawo da kaya tara a leda ina ta murna, ina ganin na ci riba. Da na zo gida na zazzage su, sai ido ya raina fata. Kwat ɗin da na fi ƙauna, kafaɗarta ta zarce tawa da kusan inci biyu, na zama kamar wanda ya ari rigar babansa. Wandon jins guda ya shiga ƙugu amma ya ƙi wuce cinya. Wata shat mai ruwan lemo da ratsin kore ta yi mini daidai, sai dai duk wandunana babu wanda ta hau da shi. Wata fara kuwa, sai da na ɗaga hannunta na ga rawayan tabon gumi a hammata. A cikin taran nan, biyu kawai na taɓa sawa na fita.

Na kwashi sauran na kai wa kawuna da ke ɗinki a Agege, ko zai cece ni. Ya ɗaga kwat ɗin ya juya ta, ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka tafi kasuwar, awon wa ka tafi da shi?"

Na ce, "Kawu, ai na duba lambar da ke wuya. Duka M ne, kuma M nake sawa."

Ya yi dariya ya ce, "Lambar ta wanda ya ɗinka ce, ba taka ba ce. Je ka ɗauko mini rigar da ka fi jin daɗinta a duniya, da wandon da ka fi so."

Abin da ya koya mini a wannan yammaci shi ne ginshiƙin wannan rubutu.

Awo Ya Fi Lamba

Dalilin da ya sa lambar wuya take yaudara a gwanjo shi ne, dila guda tana iya haɗa kayan ƙasashe daban-daban, kuma kowace da irin lissafinta. Kwat ɗin da Ingila take rubuta wa 40, a sauran ƙasashen Turai 50 ake rubuta mata. Rigar mata da take 12 a Ingila, a Amurka 8 ce. L na kayan Koriya ko Sin sau da yawa bai wuce M na Amurka ba. Bayan haka, rigar nan wani ya sa ta, ya wanke ta sau da dama, wataƙila ta tsuke ko ta saki, wataƙila ma tela ya taɓa rage ta. Lambar tana nan yadda take, rigar kuwa ta sauya.

Maganin abin shi ne ka auna tufar da ta riga ta yi maka daidai, ba jikinka ba. Kawu ya shimfiɗa shat ɗina a kan tebur, ya ɓalla maɓallanta, ya ɗauki tef. Daga ɗinkin kafaɗa zuwa ɗinkin kafaɗa ta baya, inci 18. Daga hammata zuwa hammata, inci 22. Hannu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, inci 24. Tsawo, daga gindin kwala zuwa ƙasa, inci 29. Sannan ya shimfiɗa wando. Ƙugu daga gefe zuwa gefe inci 16, wato 32 ke nan idan an zagaya. Faɗin cinya inci 12, tsawo kuma inci 40. Lambobi bakwai ke nan. Ya rubuta mini su a bayan kwalin maɓalli, ya ba ni tsohon tef ɗinsa kyauta.

Hikimar auna tufa a shimfiɗe ita ce, a kasuwa ma a shimfiɗe za ka same ta. Babu ɗakin gwaji a Katanguwa, kuma ba kowa ne zai tuɓe a tsakiyar jama'a ba, balle 'yan'uwanmu mata. Sannan awon tufa ya riga ya ƙunshi sararin da jiki yake bukata don motsi. Ƙirjina inci 39 ne, amma rigar da nake jin daɗinta 44 ce a zagaye. Da awon jikina na bi, da na sayo abin da zai hana ni ɗaga hannu in yi rubutu a allo.

Akwai dabarar da kowa ya sani ta zagaya ƙugun wando a wuya, wai idan bakin biyu suka haɗu to ya yi. Ban ce ƙarya ba ce, tana kusantar gaskiya ga mai matsakaicin jiki. Amma ƙugu kawai take faɗa maka, ba ta san cinya ba, ba ta san tsawo ba. Da ita na sayi jins ɗin da ya maƙale mini a cinya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ni na ce idan mudun yana aljihunka, me zai sa ka dogara da ido?

Abin da Tela Zai Iya da Wanda Ba Zai Iya Ba

Ba kasafai za ka sami tufar da ta dace da lambobinka bakwai cif ba, don haka dole ka san inda za ka yi sassauci. Ƙa'idar Kawu ita ce, tela yana ragewa, ba ya ƙarawa. Tsawon wando, tsawon hannu da faɗin jikin shat, duk ana rage su cikin sauƙi da kuɗi kaɗan. Ƙugun wandon yadi ana iya cinye inci ɗaya ko biyu ta ɗinkin baya, amma idan ya wuce haka sai aljihunan baya su matso juna, wandon ya lalace. Wandon jins da ya matse kuwa ka haƙura da shi, domin ba a bar masa rarar yadi a ciki ba.

Wurin da babu sassauci shi ne kafaɗa. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. Idan ya zarce da fiye da rabin inci, musamman a kwat, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka, saboda gyaranta yana nufin a ɓalle hannu da shafi a sake gini, kuma kuɗin aikin zai fi kuɗin kwat ɗin. Saboda haka kafaɗa nake fara aunawa. Idan ta faɗi, ba na ɓata lokaci a kan sauran. Kuma duk abin da zai je wurin tela, kuɗin telan yana cikin farashinsa tun a wurin tayi.

Bayan awo sai duba lafiyar tufar. Ka juya cikinta waje. Ka duba hammata da cikin kwala da tsakanin cinyoyin wando, domin nan ne tufa take fara mutuwa. Ka ɗaga ta saitin rana, ƙananan huji da wurin da yadi ya siɗe za su bayyana. Ka ja zik sama da ƙasa, ka zura hannu a aljihu. Idan akwai roba ka ja ta, in ka ji tana ƙas-ƙas ko ba ta koma ba, ta mutu. Maɓallin da ya ɓace ba matsala ba ne, datti ma wanki ne maganinsa. Amma rawayan tabon hammata da wurin da bilic ya ci launi, waɗannan sun zauna ke nan.

Yadin ma abin dubawa ne. Kayan nan an ɗinka yawancinsu don ƙasashen sanyi. A zafin Legas mai gumi, ko na Kano a watan Afrilu, rigar foliyesta zalla kurkuku ce, tana riƙe gumi da wari. Nemi auduga, ko wadda audugarta ta fi yawa. Akwai ɗan ƙyallen da ake liƙawa a ɗinkin gefe ta ciki, yana faɗin kason kowane zare. Wannan ƙyalle ya fi lambar wuya gaskiya.

Dokar Uku

Yanzu sai rabi na biyu na maganar, wanda aka fi mantawa da shi. Tufa tana iya yi maka daidai, lafiyarta ƙalau, amma ta zama asara, kamar shat ɗin nan tawa mai ruwan lemo. Tufa ba ta fita ita kaɗai, sai da abokan tafiya. Saboda haka na kafa wa kaina doka, ba na sayen komai sai na iya ambata abu uku da ke akwatina waɗanda zan sa shi da su. Idan na kasa kawo ukun a tsaye a gaban mai kaya, to ba tufa zan saya ba, bashi zan sayo, domin gobe sai na nemo mata wando, jibi in nemo mata takalmi.

Ga yadda abin ya kasance a zuwana na biyu. Kafin in fita na zazzage akwati a kan katifa. Ban da kaftanaina uku, abin da nake da shi na ƙananan kaya shi ne wando baƙi, wando ruwan toka, jins shuɗi, da shat biyu masu kyau. Takalmina sau-ciki baƙi ne, bel ma baƙi. Shat biyu da wando uku, shiga shida ke nan. Na ɗauki hotonsu da waya a hasken rana, na rubuta abin da ya yi mini giɓi: shat uku masu dogon hannu da wando ɗaya. Na rubuta har launin da zan karɓa, wato fari, shuɗi mai haske, ko mai siririn ratsi a kan fari, wandon kuma shuɗi mai duhu, domin ya hau da baƙin takalmina.

A kasuwa na ga wani wando ruwan ƙasa mai kyan gaske, awonsa daidai da nawa, mai kayan har ya ce, "Oga, wannan kai aka ɗinka wa." Na taya, ya ce albarka, na ƙara, har ya kusa sallamawa. Sai na tuna da dokata. Shat ɗaya kawai nake da ita da za ta karɓe shi, kuma zai fi kyau da takalmi da bel ruwan ƙasa, waɗanda ba ni da su. Na ba shi haƙuri na wuce, raina yana so. Na dawo gida da abu huɗu kacal, kuma kuɗin da na kashe bai kai na farkon ba. Amma shat biyar da wando huɗu sun ba ni shiga ashirin. Ko da an cire biyu ko uku da ba su yi armashi ba, na fi mako biyu ina zuwa lacca ban maimaita shiga ba. Kaya tara sun ƙara mini abin sawa biyu, kaya huɗu sun ninka mini shigata fiye da sau uku.

Sirrin shi ne launukan da ba sa faɗa da kowa, wato baƙi, fari, ruwan toka, shuɗi mai duhu da ruwan madara. Su ne tuwo, launi mai ƙarfi kuma shi ne yaji, kaɗan ake sawa. A shiga guda, abu ɗaya ne ya kamata ya yi magana. Idan riga mai zane ce, wando ya yi shiru. Kada kuma a manta da kayanmu na gida. Rigar sanyin da za ka saya don hunturu, ka tambayi kanka ko za ta hau kan kaftani, kuma wace hula ce za ta bi ta.

Ƙanwata ta ɗauki dokar ta gyara ta daidai da bukatarta. Ita daga hijabai da gyalenta take farawa, domin su ne ba sa sauyawa. Tana da baƙi, ruwan toka da ruwan goro, don haka duk siket ko doguwar rigar da ba ta hau da biyu daga cikinsu ba, ba ta ɗauka. Idan rigar da za ta ɗora a kan zanen atamfa take nema, takan tafi da ƙyallen atamfar a jaka, ta nemi riga marar zane mai launin da ya fi ƙaranci a jikin atamfar, ba wanda ya fi yawa ba. Awonta kuma ya ƙunshi faɗin kwankwaso da tsawo har idon sawu, domin siket ɗin Turai gajarta ce matsalarsa, kuma tela ba ya ƙara tsawo. Takan kuma sa tafin hannunta a ƙarƙashin yadin ta ɗaga shi rana. In ta hango yatsunta, ta san shara-shara ne.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Na san wani zai ce, gwanjo sa'a ce, wanda ya tsaya awo sai wani ya fizge abin da yake so. Gaskiya ne a lokacin fasa dila ana wawa. Amma ba a hana ka tara abin da ya burge ka a kafaɗa ba, ka koma gefe ka auna a tsanake, ka mayar da wanda bai yi ba. Awon kafaɗa da ƙirji bai kai minti ɗaya ba.

Wani kuma zai ce, abin da bai taka kara ya karya ba, ko ya ƙi ai ba a yi asarar kirki ba. Wannan shi ne tunanin da ya cinye mini kuɗi. Mu ƙaddara ka sayi riga naira 1,500 ka sa ta sau biyu ka watsar, kowace sawa ta ci maka naira 750. Wata kuma ka saye ta naira 5,000 ka sa ta sau hamsin, kowace sawa naira 100. Wace ce mai tsada a ciki? Ga ɗan Ikorodu kuma a ƙara kuɗin motar zuwa Abule Egba da dawowa, da yini guda da ya tafi a cunkoso. Ba banza ba Bahaushe ya ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mai da kuɗi gida.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta masu cewa gwanjo yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙunmu na Kaduna da Kano. Ba zan musa cewa yana da nasa kason ba, tare da matsalar wutar lantarki da yadin fasa-ƙwauri. Amma ɗalibin da kuɗin makaranta da na abinci suka sha masa kai ba zai daina shiga gwanjo don wa'azi ba. Abin da zai iya shi ne ya sayi kaɗan mai amfani, rarar kuɗin ya yanki yadi ya kai wa telan unguwa. Ni haka nake yi, kaftanina na ɗinki ne, ƙananan kayana na gwanjo. Akwai kuma inda na ja layi. Ba na sayen kamfai da singileti da safa na gwanjo, komai arhar su.

Kammalawa

Duk abin da ka sayo, kada ya taɓa jikinka ko ya shiga akwatinka sai an wanke shi. Ka jiƙa masu launi daban da farare, domin wani yana zuba. Na auduga su sha ruwan zafi, a shanya su a rana, mai duhu a juya cikinsa waje don kada ya koɗe, sannan a bi su da guga har cikin ɗinki. Bayan wanki ne za ka kai wa tela, ba kafinsa ba, ko da tufar za ta ɗan tsuke.

Ranar gabatar da takardata na sa shat mai ruwan shuɗi mai haske da wando shuɗi mai duhu. Babu wanda ya yaba kayan, babu kuma wanda ya kalle su sau biyu, kuma abin da nake so ke nan, domin hankalina da na masu sauraro ya tsaya a kan takardar. Kwat ɗin nan mai faɗin kafaɗa tana nan rataye a shagon Kawu a Agege. Duk yaron da ya zo masa da ledar gwanjo, ita yake fara nuna masa kafin ya ɗauko tef. Ina kira ga 'yan'uwana, kafin hutu mai zuwa kowa ya shimfiɗa rigarsa da wandonsa ya rubuta lambobinsa bakwai, ya zazzage akwatinsa ya san giɓinsa, sannan ya doshi kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.